Toka Mai Tsada

A Tasawa, a shekarun da gyaɗa take da daraja, in aka ce Zalika mai fankeke ba wanda ke tambaya wace Zalika. Ba ita ke sayar da fankeken ba, wannan aikin masu kanti ne. Nata aikin shi ne ta shafa wa mata shi a fuska ranar biki ko ranar suna, kuma ta daɗe tana yi, da irin gajiyar mutumin da ya san abin da yake yi.

Haifaffiyar Kanan-Bakashe ce. Uwarta maginiyar tukwane ce, don haka tun Zalika ba ta iya ɗaura zane ba ta san ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ja wadda ake shafa wa tulu kafin a gasa shi. Akwai mai ruwan ɗorawa, wadda in ta sha wuta sai ta juye ta koma ja mai duhu. Ta kuma san launin da mutum ya gani a jiƙe ba shi zai gani a bushe ba. A garinsu ba a ɗauki wannan a bakin ilimi ba, ita ma ba ta ɗauke shi ba. Da aka aurar da ita ga Danda, mai awon gyaɗa a wurin Alhaji Maman Sani na Tasawa, ta bar ƙasa da tukwane a baya, ba ta ko waiwaya ba.

Shekarar da ta tare ita ce shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. An yi kiɗa, an yi jawabi, washegari kowa ya koma gonarsa. Abin da mata suka fi gani da idonsu a ƴan shekarun da suka biyo baya shi ne kantuna sun cika. Da kaka ta yi, manyan motoci suka kwashe buhunan gyaɗa suka yi kudu, sai su dawo da kwanonin sha, da atamfa, da turare, da wasu ƴan gwangwanaye masu faɗi da madubi a murfi. A ciki akwai wata dunƙulalliyar hoda wadda ake jiƙa soso a goga a shafa a fuska. Shi ne fankeke. A bayan gwangwanin an yi rubutu da Faransanci, wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya karanta wa Danda: *Naturelle*. Ya ce ma'anarsa yadda Allah Ya halicci mutum. Zalika ta buɗe murfin ta ga abu fari-fari da ɗan ja-ja kamar tafin jariri, ta ce lalle Allah Ya halicci wani haka, amma dai ba a Tasawa ba.

Danda ne ya sayo mata, wata kaka da ma'auni ya yi masa kirki. Ita kuwa mace ce mai duhun fata ƙwarai, irin wadda ake cewa baƙa ba tare da an tsaya tunani ba. Ta shafa, ta duba madubi, ta ga kamar kusu ya faɗa cikin gari. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ba ta shawara irin ta maƙwabta. Ta ce ai abin a fili yake, wannan na farare ne, ke kuwa baƙa ce, sai ki ƙara masa baƙi. Zalika ta kankaro baƙin gindin tukunya, ta niƙe shi da fankeken, ta sake shafawa. Duk macen da ta taɓa kwashe murhu ta san abin da fari da baƙi ke haifarwa, amma ba wadda ta tuna a ranar. Danda ya shigo daga wurin awo, ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ta.

"Wa ya rasu?" ya ce.

Ta wanke fuskarta, ta fito tsakar gida da madubin, ta zauna a inuwar zana inda haske ke shiga ba rana ba, ta dubi fatarta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Nan ta gane kalma ce ta yaudare su, ita da maƙwabciyar. Ana ce mata baƙa, amma babu baƙi a jikinta in ba gashi da ƙwayar ido ba. Ƙarƙashin duhun akwai wani ja a kwance, irin na goron da aka tauna. Goshinta ya fi kumatunta duhu, wuyanta kuma da nasa. Abin da ke cikin gwangwanin farin ya yi masa yawa, kuma fari in ya hau fata mai duhu, ba tare da isasshen ja ko ɗorawa da za su ɗauke shi ba, toka yake zama. Baƙi ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara masa mutuwa.

Ranar kasuwa ta aika Kanan-Bakashe aka zo mata da ƙasar uwarta. Ta jiƙa, ta tace da ƙyalle, ta bari yashi ya kwanta, ta kwashe lallausan da ke sama ta shanya. Wata ta gasa a kasko har ta yi duhu, wata ta bar ta da ɗorawarta. Ta kankare fankeken ta dinga haɗawa kaɗan-kaɗan, tana gwadawa a muƙamuƙinta, tana jira ya bushe. Da ta kai inda take so, ƙasar Kanan-Bakashe ta fi ta Faransa yawa a cikin gwangwanin, sai dai ƙamshin da murfin suna nan na Faransa. Ta shafa ta fita. Ba wanda ya ce mata komai, ban da wata tsohuwa da ta tambaye ta ko ciki gare ta, don ta ga ta yi kyau.

Daga nan sana'a ta same ta. Ta sa wa abin da ta gano suna ruwan fata, tana cewa kowace baƙa da ruwanta. Wata ruwan goro gare ta, wata ruwan zuma, wata kuma duhunta ya yi zurfi har yana ɗaukar ido kamar rinin da aka buga, ita wannan ba ta son ɗorawa da yawa, in an cika mata sai ta yi kamar mai shawara. Zalika ba ta gwaji a bayan hannu, don hannu ba fuska ba ne. Ba ta gwaji a cikin ɗaki, don ɗaki maƙaryaci ne. Sai ta fito da mace haske, ta fara murza mata ɗan man kaɗe ya shiga jiki, saboda busasshiyar fata ko ba fankeke fururu take yi. Sannan ta ja layi daga kumatu zuwa wuya, ta ce a yi hira. In ya bushe, layin da ido ya neme shi ya rasa, shi ne na mai shi.

Hajiya Biba ce ta ɗaga ta. Ita ce yayar Alhaji Maman Sani, mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, kuma duk Tasawa an san Alhaji ke sayen gyaɗa amma Hajiya ke da gida. Mace ce wankan tarwaɗa, gwangwani bai cika yi mata rashin kunya ba, ɗorawa kaɗan Zalika ke ƙara mata shi ke nan. Ta yaba, ta kira ta suna ɗaya, ta kira ta biki ɗaya, sai matan ƴan kasuwa da na ma'aikata suka biyo, don inda Hajiya Biba ta sa ƙafa nan suke sa tasu. Ana cikin haka ƙurar gyaɗa ta cinye ƙirjin Danda. Ya bar ma'auni ya koma tabarma, yana tari yana ba da labarin buhunan da ya auna. Tun daga lokacin, tuwon gidan daga soson Zalika yake fitowa, soson kuwa a ƙofar Hajiya Biba yake rataye. Ranar da Hajiya ta juya mata baya, ranar garin zai juya.

Abin da Zalika ba ta yi lissafi da shi ba shi ne toka ma tana iya yin farin jini. Gwangwani na da tsada, kuma abu mai tsada ba a son ya ɓace a fuska. Matar da mijinta ya sayar da gyaɗa da kyau takan shafa shi yadda ya zo daga kanti, ta fito fuska fari fat, wuya da kunne na nan yadda uwa ta haife su, kamar an ɗora wa tulu murfin wani tulun. Mutane suka fara kiran abin fuskar kaka. Ranar kasuwa za ka ga matar ƙauyen Atantane da ta Gidan Amumune sun haɗu a layin masu atamfa, kowace na duban tokar ƴar'uwarta tana auna gonar mijinta. Wata yarinya mai suna Safi, da ta yi zama a Maraɗi, ta buɗe sana'a a unguwar su Zalika. Ba ta haɗa komai, ba ta jiran komai ya bushe, kafin Zalika ta gama mace ɗaya ta sallami tsakar gida guda. Aka fara kawo wa Zalika ƙara. Wata ta ce ta zauna mata tun hantsi, ta je gidan suna, ba wanda ya san ta shafa wani abu. Zalika ta ce ai shi ne aikin. Matar ta ce to ita ba aiki ta zo nema ba, kwalliya ta zo nema.

A cikin wannan hali aka sa ranar auren Saudatu, ɗiyar Alhaji Maman Sani. Saudatu ta yi lakwal har ta zama mai koyarwa, yara na ce mata Madam. Wanda za ta aura, Gazali, ma'aikacin likita ne a Mayahi, su suka ga juna suka daidaita. Ta ɗauko duhun fatar uwarta, duhu mai kyau, mai santsi. Ana saura ƴan kwanaki a sa ta a lalle ta zo gidan Zalika da la'asar, ta gaida Danda, ta zauna a kan turmi, ta fito da gwangwani daga jakarta.

"Inna Zalika, ga abin da Gwaggo ta sa aka kawo daga Maraɗi. Wai babu irinshi a Tasawa."

Zalika ta buɗe. Ƙamshin ya cika gidan har Danda ya yi tari. Ta daɗe tana ganin farin fankeke, amma wannan ya yi wa sauran fintinkau.

"Mi aka rubuta?"

"*Très clair*. Wai mai haske ƙwarai."

"Ba su yi ƙarya ba."

"Inna, akwai wata da muke koyarwa tare. Ranar aurenta aka shafa mata irin wannan. Yara sun gan ta. Yau shekara nawa, ko ɗan aji ɗaya da bai san ranar ba, Madam Toka yake ce mata a bayan ido. Kuma Gazali ya ce mai hoto zai zo daga Maraɗi. Don Allah kar ki bari in fita kamar wadda aka tono."

"Kin faɗa wa gwaggonki?"

"Na fara. Ta ce tun yaushe amarya ta yi baki."

Zalika ta san wannan. Da an sa yarinya a lalle, bakinta ya rufe ke nan, ta zama ta gwaggonninta, su yi mata wanka su yi mata magana, ita nata sunkuyar da kai, ko da kuwa ita ke koya wa rabin garin karatu. Ta jawo Saudatu bakin zana, ta ɗaga haɓarta da yatsa, ta juya ta hagu ta juya ta dama.

"Ruwan goro gare ki, da ɗan zuma nan tsakiya. Kar ki motsa."

Ta ɗauko ƴan ƙoƙunanta, ta kankari gefen gwangwanin, ta haɗa iri-iri ta jera mata layuka a muƙamuƙi. Suka yi hirar Mayahi, da ko akwai ruwa mai daɗi a can. Da suka bushe, ɗaya ya yi fururu, ɗaya ya yi ja kamar bulo, ɗaya kuwa Saudatu ta kai madubi ta dawo da shi tana nemansa.

"Ina na tsakiyar?"

"Yana nan."

Saudatu ta yi dariya, ta ce *c'est ça*, wato shi ne wannan, ta tafi da sauƙin zuciya. Zalika ba ta yi dariya ba. Ta zauna tana niƙa ƙasa har aka kira magariba.

Ranar da za a kai amarya, Zalika ta isa gidan Alhaji bayan azahar. Tsakar gida ta cika da mata, ana daka, ana guɗa, ana faɗa a kan kwanoni. Ta shiga ɗakin amarya ta ja ta kusa da ƙofa. Ta shafa mai, ta jira. Ta bi fuskar da soso a hankali, sirara-sirara, ta ɗan ƙara duhu a goshi da gefen fuska inda fatar ta fi duhu, ta bar tsakiya da zumarta, ta sauko har wuya don kada a ga iyaka. Ta sa kwalli, ta ja gira. Da ta gama ta ja da baya ta duba. A duk shekarunta ba ta taɓa yin wanda ya kai wannan ba, kuma ta san haka.

Hajiya Biba ta shigo da mayafinta a kafaɗa, maɓallai na kaɗawa a ƙugunta. Ta dubi amarya, ta dubi Zalika.

"To, fara mana. Rana na tahiya."

"An gama, Hajiya."

"An gama mi?"

"Kwalliya."

Hajiya ta matso ta sunkuya, ta lakaci kumatun Saudatu da yatsa ta duba. Ga abu a yatsa, babu shi a fuska. Ta ɗauki gwangwanin ta ga an ci gefe ɗaya kawai.

"Zalika, ni za ki yi wa wayo? Abin da aka ɗauko tun daga Maraɗi, shi ne kika lasa mata kamar maganin ido?"

"Hajiya, in na sa shi yadda yake, toka za ta yi. Fatarta ba irin taki ba ce. Ke kina ɗaukarshi, ita ba ta ɗauka."

"Ke dai ce kina rowar abin da ba naki ba."

"Fito da ita haske ki gani. In na yi ƙarya, wanke."

Aka fito da amarya bakin ƙofa, kanta a sunkuye, aka ɗage mayafin. Mata suka bar turmi suka taru. Zalika ta jiƙa soso ta goga a gwangwanin tsantsa, ta ja layi ɗaya a gefen muƙamuƙi, ta ce a jira. Yana bushewa ya tashi fururu a kan fatar, kamar inda akuya ta goga jiki a bangon farar ƙasa.

"To ku duba," in ji Zalika. "Wanne ya hi kyau?"

Wata dattijuwa ta ce gaskiya dai wancan gefen ya fi kyau, kamar ɗiyar ta ƙoshi da barci. Wata ta ce haka ne, amma fa shi wannan shi ya fito. Wata daga baya ta ce ita tun ɗazu tana tsammani ba a fara ba. Safi tana cikin taron, an gayyato ta ta yi wa ƙawayen amarya, fuskarta kamar an daɓe ta da alli. Ta gyara riƙon sosonta yadda kowa zai gani.

"Kun ji ko," Hajiya Biba ta ce. "Ni ban ce bai yi kyau ba, Zalika. Kyau ai Allah Ya ba ta, kyauta, ba da kuɗin kowa ba. Abin da ubanta ya saya nike so a gani. Dangin miji za su taho daga Mayahi, su dube ta su ce mi? Su ce Alhaji Maman Sani ya kawo musu ɗiya da fuskar da take zuwa rijiya da ita?"

"Sai a ɗora gwangwanin bisa kayanta, Hajiya, a buɗe, kowa ya gani."

"Gwangwani za a aura?"

Mata suka kwashe da dariya. Zalika ta ce to bari ta ƙara mata haske a tsakiyar fuska, ƙarƙashin ido da kan hanci, wannan fata na iya ɗauka in ba a wuce gona da iri ba. Ta ƙara. Hajiya ta karkata kai ta ce ƙara. Ta ƙara. Hajiya ta ce ita har yanzu Saudatu take gani.

"Hajiya, daga nan in na wuce, an shiga toka."

"To shiga. Ko kuwa hannunki ya gaji? In ya gaji faɗa mini, ba a rasa masu hannu ba a garin nan. Ke ma kin huta, ki zauna gida ki yi jiyyar malam Danda."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, har da ɗan murmushi, kamar mai tambayar lafiya. Kowa a tsakar gidan ya ji abin da aka ce. Zalika ta dubi Saudatu. Amarya ba ta ɗaga kai ba, ba ta da ikon ɗagawa, sai dai hannunta mai lalle ya kama bakin zanen Zalika ta ƙasa inda ba mai gani, ya riƙe. Zalika ta tsaya da soso a hannu. Ta tuna gidanta, da tukunyar da ba a ɗora ba tukuna, da mai tari a kan tabarma. Ta duba ko akwai wata magana da ta rage ba ta faɗa ba, ta ga babu. Ta sa hannu a hankali ta zare zanenta daga yatsun yarinyar.

"A kawo ruwa," ta ce.

Ta wanke aikinta da hannunta. Ta jiƙa soso ta murza a tsakiyar gwangwanin har ya yi rami. Da yake hannu ba ya mance abin da ya iya, ko tokar ma ba ta yi ta irin ta Safi ba. Ta shimfiɗa ta daidai, babu tudu babu kwari, ta kai ta har kunne da bayan kunne, ta saukar da ita wuya har inda riga ta rufe, don kada a ce kai daban jiki daban. Ruwan goron ya nutse, zumar ta nutse. Wani ɗan ruwa ya gangaro daga idon amarya ya ja layi mai duhu a kumatu, mata suka ce kukan rabuwa da gida ne, Zalika ta bi layin da soso ta rufe.

"Yauwa," in ji Hajiya Biba. "Yanzu na ga amarya. Ashe kin iya, kike wahal da mutane."

Aka rangaɗa guɗa. Ishaƙu mai hoto, wanda aka ɗauko daga Maraɗi, ya ce a shiga ɗaki, shi da fitilarsa ya zo, ba ya bukatar rana. Aka zaunar da amarya a bakin gado gaban jeren kwanoni. Zalika ta san farar hoda da walƙiyar fitila ba sa shiri, duk hasken da aka watsa mata sai ta maido shi. Ta buɗe baki za ta ce a fita waje, sai ta ga ba wanda ya tambaye ta, ta rufe. Fitila ta yi wal. Aka ba Zalika goro da turmin atamfa da ƙwaryar tuwo, Hajiya da kanta ta rako ta har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

A gida Danda ya tambaye ta yaya biki. Ta ce an yi lafiya. Ya ce amarya ta yi kyau? Ta ce an yaba. Ta zuba masa tuwo, ta zauna tana kankare farin da ya maƙale mata a ƙarƙashin farce.

Saudatu ta tare a Mayahi. Takan zo Tasawa ganin gida, in sun haɗu da Zalika a hanya ta rusuna ta gaishe ta, ta tambayi jikin Baba Danda, ba ta taɓa rage mata ko kalma ɗaya ta ladabi ba. Ba ta dai sake zama a gabanta ba. Da ta haihu, ranar suna da fuskarta ta fito, daga ita sai kwalli. Ko yaran Mayahi sun sa mata suna, Zalika ba ta tambaya ba.

Hoton kuwa ya iso ƴan makonni bayan bikin. Kwanonin sun fito ras, atamfar ta fito har ana iya ƙirga furanninta, hannuwan amarya biyu na nan a kan cinya da duhunsu. A saman wuyan rigar kuwa wani farin faifai ne da ido biyu da baki. Hajiya Biba ta sa aka yi masa gilashi ta rataye a ɗakinta, inda duk mai shigowa gaisuwa zai fara cin karo da shi. Matan Tasawa suka zo suka gani, suka ce kamar Balarabiya, suka tambayi wa ya yi. Hajiya ba ta da rowar yabo. Ta ce Zalika ce, kuma duk garin nan ba mai shimfiɗa shi kamarta, Safi yarinya ce.

Kakar wannan shekarar ba ta ƙare ba sai da ƙofar Zalika ta fi ta kowace shekara cika. Har daga Mayahi ake aiko mata da mota. Ƙoƙunan ƙasar suna nan a bayan randa, ba ta zubar ba, ba ta kuma aika a ƙaro ba. Wata safiya matar wani mai sayen gyaɗa ta shigo da ɗiyarta, yarinya mai duhu da ruwan zuma wanda Zalika ta gani tun daga bakin zaure, tun kafin su yi sallama. Uwar ta miƙa sabon gwangwani.

"Irin na hoton ɗakin Hajiya muke so."

Zalika ta karɓa, ta buɗe, ta jawo ƙwaryar ruwa da ƙafa.

"Zauna nan cikin ɗaki," ta ce wa yarinyar. "Ba sai mun fita haske ba."